Yaya zan rubuta saƙon neman ƙarin albashi?

Salam 'yan uwa, don Allah a taimaka min. Wani kamfani a Abuja ya ɗauke ni aikin akawu, tayinsu dubu 250 a wata, amma abokan karatuna uku masu irin aikin dubu 320 suke karɓa. Na lissafa, giɓin dubu 70 ne a wata, a shekara dubu 840, kuɗin hayata kenan har da canji. Kwana biyu ina rubuta saƙon ina gogewa, in na sa lissafin shekarar sai in ga kamar raini ne, in na cire kuma sai ya koma roƙo. Sannan nasu bayan cire haraji da fansho ne, nawa kuwa kafin cirewa, to da wanne zan kwatanta? Ran Juma'a suke jiran amsata.