Saƙar gizo a baitin Kaka: wace saƙar ce?

Maman Ilham:
Salam 'yan uwa. Muna kwashe kayan marigayi kakanmu muka tsinci wata 'yar takarda a gafakarsa, da ajami, baiti ɗaya tal. Ance ya rubuta shi ne lokacin da danginsa suka kai shi ƙara kan gonar gado:

Na bar wa masu sulke sulkensu,
Da masu dogon gini soronsu,
Saƙar gizo kaɗai ta ishe su,
In sun iso ga ƙofa su juya.

Kawuna ya ce zagi ne, ni kuma ban ji zagi a ciki ba. Me tsohon yake nufi? Dan Allah a amsa a waƙe, a riƙe amsa-amon Kaka.

Baffa Mai Shayi:
Wannan ai ba sai an kira malamai ba, bari in sauke tukunya.

Gizo dai ai mijin Ƙoƙi ne,
Wayonsa ko'ina sananne ne,
Nufin tsoho a nan a fili ne,
Zai ka da su da wayon tatsuniya.

Shi ne ya ɗaura igiya ga giwa,
Ɗaya bakin ga dorina cikin ruwa,
Suna ta ja, yana gefe yana rawa,
Mai sulke ma haka za shi sha wuya.

Abu Sumayya:
Haba Baffa, mutumin da ya tsufa da gafaka a rataye, yana cikin baƙin cikin shari'a da 'yan uwansa, shi ne zai zauna yana tuna Gizo da Ƙoƙi?

Baffa aje tatsuniya sai dare,
Wannan da allo suka tashi tare,
Buɗe Ankabutu ka bi ta a jere,
Ka tsaya a kan ta arba'in da ɗaya.

Wanda ya riƙi wani, ba Allah ba,
Ɗakin gizo ya gina bai sani ba,
Ba a yi ɗaki mai rauninsa ba,
Iska kaɗan ta ishe shi, ko tsintsiya.

Sulke da soro su ne kuɗinsu da manyan da suka tsaya musu a kotu, yana ce musu duk abin nan da kuka jingina da shi yanar gizo ce, ita ce rabonku. Kawunki ya yi gaskiya Maman Ilham, gugar zana ce mai zafi.

Malam Na Zaure:
Abu Sumayya ka kamo aya mai kyau kuma ka raba mu da Ƙoƙi, Allah ya saka. Sai dai baitin ɗango huɗu ne, kai uku ka fassara.

Ka ɗau gizo ka bar mana ƙofa,
Wa ya iso gare ta ya ja ƙafa?
Ɗango na huɗu ne ka tsallake fa,
Rushewar ɗaki ba ta sa a juya.

Kogon Sauru, dare uku suna ciki,
Manzo da Siddiƙu babban aboki,
Masu farautarsu sun iso har baki,
Suka ga saƙa suka koma baya.

Tauba ta kawo zancen kogon nan,
Inda ya ce da sahibi "la tahzan",
Amma gizo da kurciya ba su nan,
Su sai a sira da littafan ruwaya.

Toh amma ni ba ma kai tsaye daga sira nake ganin ya ɗauko ba, ta hannun Busiri ya biyo, mai Burda, ɗan Misira na ƙarni na 13. A wurin da yake ba da labarin kogon ya ce masu neman sun zaci kurciya ba za ta yi shawagi ba, gizo ba zai yi saƙa ba in da mafificin halitta yana ciki. Baitin da ke bi masa nan take shi ne "wiƙayatullahi agnat an muda'afatin minad duru'i wa an alin minal uɗumi", wato tsarin Allah ya wadatar, ba a bukatar sulke riɓi biyu, ba a bukatar dogon gini na tsaro. Ku koma ku sake karanta ɗango biyun farko na Kaka.

Sulke riɓi biyu, in ji Busiri,
Sai dogon gini, a wannan jeri,
Kaka ya kwaso su bisa tsari,
Bai ko musanya na gaba da na baya.

Kuma "ta ishe su" ɗin nan ba "ita ce rabonsu" ba ce. Irin wadda muke cewa ce in yaro ya addabi unguwa, a ce ku bar shi, wane kaɗai ya ishe shi. Saƙar tasa ce, tana bakin ƙofarsa, ta isa ta mayar da su. Da karatun Abu Sumayya tsohon yana nuna su da yatsa, da wannan kuwa yana zaune a ɗaki yana cewa ba ni da lauya ba ni da kowa a sama, kuma ban damu ba. Kalmomin ba su canza ba, amma mai saƙar ya canza.

Baffa Mai Shayi:
Tabɗi. Ni da na ɗauka igiya ce.

Abu Sumayya:
Malam na ji jerin sulke da gini, wlh ban lura da shi ba, wannan na sallama. Amma akwai magana.

Labarin saƙar nan fa da magana,
Ba ya Buhari, bincika ka gano na,
Muslim ma bai kawo shi ba, ɗan uwana,
Yaya za a gina fassara kan shakkar ruwaya?

Abin da ya tabbata a Buhari da Muslim shi ne Sayyidina Abubakar ya ce da ɗayansu zai dubi ƙarƙashin ƙafarsa da ya gan mu, Annabi (SAW) ya ce me kake zato da biyun da Allah ne na ukunsu. Babu gizo a nan. Na gizon yana Musnad na Imamu Ahmad daga Ibn Abbas, Ibn Kasir ya kyautata isnadinsa amma Albani ya raunana shi, na kurciya ma ya fi rauni. Aya kuwa ba mai ja da ita, shi ya sa na fi natsuwa da Ankabutu.

Gwaggo Ta Damagaram:
Ku ba tsohuwa wuri. Ni ban yi karatun isnadi ba, amma na tashi a gidan da in watan Maulidi ya kama uwarmu ba ta barci, Burda take bi da ka tana tankaɗe, ba ta iya rubuta ko alif ba amma in ka tsallake baiti sai ta jefo maka mafici. Har yau in na ga yana a kusurwar ɗaki sai na ɗan yi jim kafin in sa tsintsiya, saboda ita.

Ɗana, ba hukunci ake nema ba,
Ba a ce a yi salla da baitin ba,
Ba Albani aka tambaya ba,
Me Kaka ya ji? Ita ce tambaya.

In ka ga sawu a bakin rijiya,
Ba ka ce ruwan bai da lafiya,
Don haka mai sawun bai bi ta hanya,
Ya sha, ya wuce, ka bi shi a baya.

Na karya muku ƙa'ida na sa amsa-amon "ya" a ko'ina, ku yi haƙuri. Amma Malam Na Zaure kai ma ka yi wa tsohon nan kwalliya da yawa. Ka ce babu nuni da yatsa? In shi ne a cikin kogo, to su wa ke tsaye a waje da takubba?

In kai ka zauna gurbin masu kogo,
Ka ce da kai da Allah ne a zango,
Wa ka bar wa Ƙuraishu, ɗan Gwaggo?
Danginka ne fa, ka ji inkiya.

Kawun yarinyar nan ya ji zafi ne don ya gane inda aka ajiye iyayensa.

Malam Na Zaure:
Gwaggo kin kama ni, ban kai nan ba. Sai dai zan rage kaɗan, mai talmihi, wato mai yin nuni da wani sanannen labari a waƙarsa, ba dole ne ya ɗauki labari da duk kayansa ba, wani lokaci kusurwa ɗaya yake so, kaman wanda aka zalunta ya ce haƙurin Ayuba zan yi, ai bai ce shi annabi ne ba. Ko Kaka ya nufi tsarin kaɗai, ko ya nufi har da Ƙuraishawan, wannan baiti ɗaya ba zai raba mana ba. Da za a samu sauran waƙar da an ji.

Maman Ilham:
Babu saura wlh, bayan takardar lissafin buhunan gero ne. Kuma na koma na zazzage gafakar kaf saboda maganarku, ga abin da ke ciki:

Akwai Ishiriniya duk ta tsufa,
Dala'ilu ma, da Ahalari a rufa,
Burda kam ban gan ta ba fa,
Ko an ara ne ba a mayar ba, ko ɓuya.

Abu Sumayya:
Toh Malam, ga gafaka ta yi magana. Alƙur'ani dai mun tabbata ya haddace ko ya karanta, Burda kuwa babu ita a kayansa.

Malam Na Zaure:
Gwaggo ta riga ta ba ka amsa da uwarta mai tankaɗe, abin da aka haddace ba ya kwana a gafaka. Ni ga yadda nake auna irin wannan. Da gizo kaɗai ya ambata da ban yi musu da kai ba, da ma Baffa yana da ƙuri'a, don kalma ɗaya kowa na iya faɗinta. Amma gizo, da sulke, da dogon gini, da masu isowa ƙofa su juya, abu huɗu a baiti ɗaya, kuma a Burda suna maƙwabtaka da juna, wannan ya wuce katari. A cikin ayar Ankabutu nemo min sulke ko ƙofa.

Kuma ban kore ayarka ba, tana ƙasa tana aiki:

Ba don Ankabutu ta ce mai rauni ba,
Da saƙar kogo ba ta ba da mamaki ba,
Abin da bai kai komai ƙarfi ba,
Shi aka sa wa Manzo kariya.

Wanda ya san ayar shi ya fi jin nauyin baitin Busiri, kuma ina zaton Kaka ya san duka biyun.

Abu Sumayya:
"Ina zaton" dai. Na karɓi Burda a ɗango na ɗaya da na biyu da na huɗu, na uku ina nan kan bakana.

Baffa Mai Shayi:
Ku dai kun sha shayina kun hana ni Ƙoƙi. Tambaya ɗaya ta rage wadda ba wanda ya yi:

Kun kai mu Makka kun kai mu Misira,
Kun bar mu tsaye a bakin fura,
Maman Ilham faɗa mana ƙarshen ƙara,
Gonar fa, sun ci ko sun juya?

Maman Ilham:
Hhhh Baffa. Raba ta aka yi, aka ba shi ɓangaren da ke da tsakuwa, shi ya noma har ya rasu. Ɓangaren fadamar kawun nan nawa ne ke nomansa yanzu. Maganar Gwaggo kam ba zan kai masa ba, ranar Juma'a akwai suna a gidansa kuma ni ce mai tuwo.