Waya ja a waje, fara a ciki: wa ya taɓa gani?

Mai gini a Garwa: Salamu alaikum jama'a. Na kai wajen sa wuta a ɗakuna uku. A kasuwa an nuna mini nadin waya biyu, duka an rubuta kaurinsu 2.5, amma ɗaya bai kai rabin kuɗin ɗaya ba. Mai shagon ya ce duk ja ne. Wanda ya taɓa amfani da mai arahar ya ba mu labari.

Tela, Marwa: Ni na saya, Alhaji. Wata bakwai lafiya lau. Da zafin Afrilu ya shigo, sai na riƙa jin warin roba idan yara suna guga kuma an jona butar shayi. Ranar da aka buɗe firiz ɗin bango, wato inda ake jona kayan wuta, bayansa ya yi baƙi, robar wayar tana marmashewa a hannu. Mai gyara ya kankare bakin wayar da wuƙa, sai ga fari fat a ciki. Alminiyom ne aka yi wa riga da jan ƙarfe. Abin da ya ɗaure mini kai, dijanktar, mai katse wuta idan an ja ta da yawa, bai taɓa faɗuwa ba ko sau ɗaya.

Direba: Amma fa wayar da ta taso daga falwaya zuwa kwantar wutar kowa alminiyom ce, gari bai ƙone ba. Ina jin laifin wanda ya ɗaura ne kawai.

Tsohon mai wuta, Gaundare: Ɗana direba, rabin maganarka daidai ne. Ta falwaya alminiyom ce, amma dubi kaurinta, galibi 16 ce, tana shawagi iska na sanyaya ta, kuma da maƙalai na musamman ake kama ta. Ta cikin bango ba haka take ba.

Ingancin alminiyom wajen wucewa da wuta kusan kashi 61 cikin ɗari ne na jan ƙarfe mai kauri ɗaya. Wato 2.5 ɗinsa tamkar 1.5 ne na jan ƙarfe. To ku lissafa na Malam tela. Dutsen guga mai wat 2000 a kan bolt 220 yana jan amfiya 9, butar ma haka, 18 ke nan. Dijanktar na layin firiz yawanci na amfiya 20 ne, shi a ganinsa ba a yi laifi ba. Ita kuwa wayar ƙarfinta bai wuce amfiya 16 ba, wannan ma a zafin digiri 30 aka ƙiyasta shi. A ƙarƙashin kwano a Marwa, inda 50 ba abin mamaki ba ne, sai ka rage kusan kashi uku cikin goma. Tana dahuwa, mai gadinta yana barci.

Amma inda na fi ganin wuta ta tashi shi ne a mahaɗa. Alminiyom yana da laushi, ka ɗaure shi da kusa yau, ya yi zafi ya buɗe, ya huce ya tsuke, a hankali ɗaurin ya saki. Sannan yana yin wata tsatsa fara wadda ba ta wuce da wuta. Wuri ya ƙara zafi, ɗauri ya ƙara saki. Irin wannan zafin, ko amfiya 8 ake ja, babu dijanktar da zai ji shi. Mafi muni a murɗe shi da jan ƙarfe a naɗe da salatif, damina ta zo, danshi ya cinye shi.

Maman 'yan biyu: Mu dai ta jan ƙarfen ɓarayi suka zare mana tun ba mu tare ba, suka bar bututu wayam. Shi ya sa maigida ya ce ba zai sake ba.

Tsohon mai wuta: Allah ya mayar da alheri, Hajiya. Ku saka ta ranar da ƙofa da taga suka hau, kada tsoron ɓarawo ya sa ku kwana da garwashi.

Mai gini a Garwa: Baba, ta yaya zan gane kafin in biya?

Tsohon mai wuta: Ka kankare tsinke ɗaya. Ko ka kunna masa ashana: jan ƙarfe zai yi baƙi ya tsaya, na bogi sirara sai su lanƙwashe su zube. Ko ka roƙi mai awon shinkafa ya ɗora nadin a sikeli. Mita 100 na 2.5, jan ƙarfen da ke ciki kaɗai ya haura kilo biyu, ban da roba. Alminiyom bai kai giram 700 ba.

Tela, Marwa: Ni da ta riga ta shiga bango fa? Mai gyarana ya ce in mayar da dijanktar 10, in bar ta ga fitilu da fanka, in ja sabon layi don guga.

Tsohon mai wuta: Sabon layin dole ne. Sauran kuwa, ni da gidana ne zare ta zan yi, don 10 ɗin ba zai ɗaure kusar da ta saki ba.

Direba: Baba, zarewa da baki ba wuya. Ƙwayayen fitilun yanzu wat nawa suke ci? Ni tawa shekara huɗu ke nan, duk bayan wata biyu nakan dafa firiz da makunni in ji ko akwai ɗumi.