Ɗan mai shagon atamfa da takardar karatun lauya: ina labarina zai karye?

Hauwa: Salamu alaikum. Ina rubuta gajeren labari. Ɗan fari ne ga mai shagon atamfa a kasuwar Taminus ta Jos, ya samu gurbin karatun lauya a Jami'ar Jos, uban kuma ƙarfi ya fara ƙarewa. Na so in ƙare da cewa ya haɗa biyun. Zai yiwu?

Barista Sani: Wa alaikumus salam. Malama Hauwa, fara da lissafin shekaru. Digirin shekara 5 ne, sai shekara 1 a makarantar horar da lauyoyi, ko Bwari ko Bagauda ko duk inda aka tura shi, sannan bautar ƙasa. Shekara 7 ke nan idan ba yajin aikin malaman jami'a, na 2022 kuwa wata 8 ya ci. Amma ƙullin labarinki yana can gaba. Ƙa'idar aikinmu ta hana lauya mai aikin lauyanci ya tsaya da kansa yana saye da sayarwa. Mallakar hannun jari a kamfani ba laifi. Wato ranar da ya sa hular lauya, ba shi ba zama bayan kanta yana yanka yadi.

Isiyaku: Ƙanena, albarkar iyaye ta fi takarda. Ka riƙe shagon, ka yi karatun na ƙarshen mako.

Barista Sani: Malam Isiyaku, marubuciya ce, yaron na labari ne. Kuma hukumar ilimin lauyanci ba ta karɓar digirin ƙarshen mako.

Alhaji Garba: 'Yata, ba kwance kaya da safe ne zai kayar da shi ba, wannan yaron shago ma ya iya. Bashi ne. A Kantin Kwari fuskar uban aka sani, ita ake ba wa dila, a biya bayan an sayar. Mata masu ɗaukar turmi biyar ko goma su kai gidajen biki, rabinsu ba sa cikin littafi, suna cikin kan tsohon. Ya kwanta jinya, kuɗin nan sun kwanta. Ki sa jarrabawar yaron ta faɗo a goman ƙarshe na azumi, lokacin da cinikin kayan salla yake ɗauke nauyin watannin da kasuwa ta mutu. Tsohon kuma ki ba shi dalili: wanda ya ga gobarar babbar kasuwar Jos a 2002 ya sake farawa daga tebur, ba ya sakin mabuɗi da sauƙi.

Maryam: Ai maganin shi ne a mayar da shagon kamfani, ƙanwarsa ta riƙe.

Alhaji Garba: A takarda, e. Wa zai ba ta kaya bashi a Kano? Kuma tsohon na rasuwa shagon ya zama gado, matarsa na da tumuni, namiji rabon mata biyu. Ɗaya ya ce a ba shi nasa, jari ya tsinke.

Hauwa: To ƙanwar ce ban gina ba. Barista, idan ya je taya ta ranar Asabar kawai fa?

Barista Sani: A nan lauyoyi ma za su yi musu. Ni dai ba zan so a gan shi da almakashi ba.