Neman shawara: koyar da siffofi a fili ga aji mai shekaru daban-daban

Assalamu alaikum. Ina koyarwa a wata ƙaramar makaranta a Tudun Wada, kuma ajina yara 24 ne, daga 'yan shekara 4 zuwa 8. Ina son in koya musu da'ira, alwatika da murabba'i ta hanyar wasa a fili cikin minti 40, amma idan na bi ƙanana sai manya su gaji, idan na bi manya sai ƙanana su watse. Yaya zan tsara darasin?

Wata tsohuwar malama daga Samaru:
Wa alaikumus salam, Malama. Ki samo igiya mai tsawon mita 6, ki haɗa bakinta biyu, ki ɗaura ƙyalle a kowane rabin mita, ta yadda za ta rabu kashi 12 daidai. Ki tanadi huɗu, ki raba yaran shida-shida, kowane rukuni da manya da ƙanana. Manya uku su riƙe igiyar a bayan kowane kashi huɗu su ja ta ta miƙe, alwatika ta fito. Ƙanana kuma su bi gefenta da tafiya, su yi tsalle a kowace kusurwa suna ƙidayawa. Daga nan sai yaro na huɗu ya shigo, a riƙe a bayan kowane kashi uku.

A nan ne ake kuskure, domin gefe huɗu daidai ba su isa su ba da murabba'i ba, sau da yawa siffar takan karkace. Ki ba 'yan shekara 7 da 8 wata igiya su auna daga kusurwa zuwa wadda ke fuskantarta, sannan su auna ɗayar. Idan awon biyu bai zo ɗaya ba, su gyara tsayuwarsu. Wannan aikin kaɗai yakan riƙe manya minti goma.

Wani malami daga Sabon Gari:
A ganina, 'yar'uwa, ki fara da waƙar sunayen siffofin, domin da ita na ga yara sun fi saurin riƙewa. Da'ira kuwa, ki kafa turke, ki ɗaura igiya, yaro ya zagaya yana zuba toka.

Malamar Samaru:
Dabarar turken tana da kyau, Malam, muddin igiyar ba ta saki ba. Amma waƙa suna kawai take koyarwa. Na sha ganin yaron da ya haddace ta, da aka juya alwatika tsininta ya kalli ƙasa, sai ya ce ba ita ba ce. Shi ya sa nake sa su zagaya siffar su dube ta ta kowane ɓangare.

Wata uwa daga Kofar Doka:
Ni dai roƙona, Malama, a lura da hunturu. 'Yata tana da asma, kuma toka da ƙura suna tayar mata da tari. Ko za a iya jera duwatsu ko marafen kwalba maimakon tokar?