Wace kalma za mu ba jiki idan ya saba da saman dutse?

Mai fassara: Jama'a ku taimaka, ina fassara shirin lafiya kan masu sauka La Paz ta Bolibiya, tsayin wajen mita 3,600, na maƙale a kalmar akilamataizeshan. Na sa "sabon tsauni" sai na ga kamar ina cewa tsaunin ne sabo.

Wani malamin firamare: Ka ce jure ƙarancin iska mana, ai oksijin ne ya yi kaɗan a can.

Wata nas: Malam ka kusa amma da saura. Kason oksijin a iska 21 cikin 100 ne ko a La Paz ko a bakin teku, nauyin iskar ne ke raguwa, a can kusan kashi biyu cikin uku ne na nauyinta a bakin teku, to duk shaƙa ɗaya abin da ke ratsa huhu ya shiga jini ya ragu. Kuma ba juriya ba ce, jikin ne ke canzawa. Ranar farko numfashi ya yi sauri zuciya ma haka, to yawan numfashin nan yana fitar da kabon dayoksaid fiye da kima, jini ya karkata ɓangaren kanwa, sai ƙwaƙwalwa ta ja wa numfashin birki, shi ya sa da dare mutum zai ɗauke numfashi ya farka a firgice. Cikin 'yan kwanaki ƙoda ta zubar da baikabonet, sinadarin jini mai ɗabi'ar kanwa, ta fitsari, birkin ya saki. Ƙodar dai ita ke sakin sinadarin EPO tun awannin farko, ɓargo ya hau ƙera jajayen ƙwayoyin jini, amma wannan sai an yi makonni.

Wani ɗan Jos: Ni da na dawo gida daga Legas sati guda ina mura, shi ke nan ko?

Nas: A'a yayana, wannan sanyi ne. Jos wajen mita 1,200 ce, ciwon tsauni yawanci sai an haura 2,500, ciwon kai, tashin zuciya, rashin barci. In kuwa mutum na haki alhali a zaune yake, ko yana tangaɗi kamar mashayi, ruwa ne a huhu ko kumburin ƙwaƙwalwa, a sauko da shi nan take kar a jira gari ya waye. Masu sikila su kam tun kafin tafiya su ga likita.

Malamin: To a ce "sabo da tsauni", an huta.

Mai fassara: Ya fi, a rediyo zai zauna. Damuwata a rubuce, masu buga waya ba sa sa ƙugiya, sabo da saɓo duk ɗaya.

Nas: Ni ba ƙugiyar ta dame ni ba, sabo ana ganin abu ne na zuciya da ba ya barin mutum, wannan kuwa in ka sauko 'yan makonni ya zube, ka koma sai ka faro daga farko. Na fi son "daidaituwar jiki da tsauni".

Mai fassara: Anti ya yi tsawo a baki fa. Yau zan karanta "sabawar jiki da tsauni", mai wadda ta fi ya kawo kafin Juma'a.