Tefar MT3 ta ƙi zama, alhali lissafin kwana ya fita daidai

Salamu alaikum, iyayen gidana a aikin ƙarfe. Ina yanka gindin MT3 a inji, kuma na cije.

Tefarsa inci 0.60235 ce a kowace ƙafa. Tunda kwampawun gefe ɗaya yake bi, rabin kwana nake nema:

```
atan(0.60235 / 24) = 1.4377°
```

Wato digiri 1 da minti 26. Zanen jikin kwampawun ɗina digiri ɗaiɗai ne, ido ba zai kama wannan ba. Sai na ɗaura miƙaƙƙen sandan gwaji tsakanin santa biyu, na kafa agogon awo, na yi ta gyara har tafiyar inci 2 ta ba ni 0.0502, sannan na ɗaure kusoshi.

Da na yanka na shafa shuɗi, ƙaramin bakin kaɗai ya taɓa soket, babban yana rawa. Bambancin kauri a tsawon inci 2 ya zo 0.098, maimakon 0.1004.

Zargina biyu ne. Ko bakin wuƙa bai zauna daidai tsakiya ba, ko kuwa agogon ya karkace yana ƙara karatu. Wanne zai iya cin 0.0024? Don Allah wanne zan fara dubawa kafin in sake taɓa kwampawun?