Hoton ƙarshe ya mayar da mai kallo na farko: in biya ko in haƙura?

Maman Ilham: Salamu alaikum. Atamfa nake sayarwa a Instagram. Na haɗa hotuna takwas a post ɗaya, irin waɗanda ake ja ɗaya bayan ɗaya, kan yadda ake gane ta asali, sai mai yi min dizayin ya ce in ƙara dubu biyar ya haɗa na ƙarshe da na farko, wai mutane su sake zagayowa. Akwai wanda ya gwada?

Ɗan Kwari: Dubu biyar? Mu dubu biyu ake mana hotunan gaba ɗaya.

Anti Turare: Ni dubu goma sha biyar na biya, har yau abin na cina. Ya raba hoton kasko gida biyu, rabi a gefen na ƙarshe, rabi a gefen na farko, wai in an ja za su haɗe. Ko sau ɗaya ba su haɗu ba. Kwastomomi suka yi ta tambayata me ya sa hoton ya guntule.

Malam Zane: Dama ba za su haɗu ba, Anti. A Instagram in ka kai na ƙarshe ka tsaya ke nan, sai ka ja baya ɗaya bayan ɗaya. Maman Ilham, dalilin komawa za ki ba mutum. Ki jera atamfa biyu a hoton farko, ta dama da ta hagu, ki tambaya wacce ce ta asali. Na tsakiya su nuna alamomin, kamar rubutun bakin zani da yadda kala ta fito ta baya. Na ƙarshe ya ce koma na farko ka zaɓa. Amma takwas sun yi yawa, ja bakwai ne kafin a koma. Ki mayar da su biyar, kuma alamar ta fito sarai a hoton farkon, in ba haka ba wanda ya koma zai ji an yaudare shi.

Ɗan Kwari: Ai Instagram da kansa yake sake nuna wa mutum hotunan.

Malam Zane: Wannan daban. Wanda ya wuce bai ja ba ne ake iya sake nuna masa, daga hoto na biyu.

Ummi: Ni a status ɗin WhatsApp na gwada, sai ya wuce na maƙwabciyata mai sayar da leshi 😂

Anti Turare: Malam, kai ma fa mai dizayin ne. Ta ina za ta gane an koma ɗin?

Malam Zane: Ban ga inda Insights, wurin da Instagram ke nuna alƙaluman post, ke ƙirga ja baya ba. Amsoshin kwamen nake dubawa: in ana rubuta dama ko hagu tare da dalili, an koma. Wannan aikin ita ma za ta iya da kanta.

Maman Ilham: To fayil ɗin Canva, manhajar da aka yi dizayin da ita, yana wurin mai dizayin nawa, ya ce ba ya bayarwa.

Anti Turare: Kin ji halin nasu! Nawa ma ko farashi zan canza sai na sake biya.

Ɗan Kwari: Da ma kun yi maganar fayil kafin ki tura kuɗi?